Yadda ake bambanta farautar sitof da ɓallewar gaskiya idan lagwanin kyandir ya tsallake iyaka

Kyandir ɗaya a kan jadawalin farashi yana riƙe da lambobi huɗu ne kawai: inda farashi ya buɗe, ƙololuwar da ya kai, ƙasan da ya taɓa, da inda ya rufe. Jikin kyandir shi ne tsakanin buɗewa da rufewa. Siririn zaren da ke fitowa sama ko ƙasa kuwa shi ne lagwani, kuma abin da yake nunawa shi ne farashi ya je wurin amma bai zauna ba. Idan wannan lagwani ya tsallake wata iyaka da kowa ke kallo, ya kwashe umarnin tsayar da asara da aka jera a bayanta, sannan farashi ya komo ciki, 'yan kasuwa na cewa an yi farautar sitof. Idan kuma farashi ya tsallake ya yi zamansa a can, ɓallewa ce ta gaskiya.

Wahalar ita ce duka biyun iri ɗaya suke farawa. A mintunan farko babu wanda zai iya rantsewa a kan wanne ne, domin ko ɓallewar gaskiya sai ta bi ta kan sitof ɗin mutane kafin ta wuce. Abin da ke raba su shi ne abin da farashi ya yi bayan ya gama cinye waɗancan umarnai. Don haka aikin duka aikin jira ne da auna abubuwa uku ko huɗu a jere. Za mu bi shi a kan EURUSD, wato canjin Yuro da dalar Amurka, a kyandir na minti 15, lokacin buɗewar kasuwar Landan, domin nan ne abin ya fi fitowa fili.

Dalilin da ya sa farashi ke zuwa bayan iyaka

Sitof, wato umarnin tsayar da asara, ba katanga ba ne, umarni ne da ke jiran farashi. Wanda ya sayar yana ajiye sitof ɗinsa a sama, kuma idan farashi ya taɓa shi, sitof ɗin ya zama umarnin saye nan take a kowane farashi aka samu. Wanda ya saya kuma nasa sitof ɗin umarnin sayarwa ne da ke ƙasa. To a saman kowace ƙololuwa da ta fito fili akwai taron umarnin saye iri biyu: sitof ɗin waɗanda suka sayar, da umarnin waɗanda ke jiran ɓallewa su shiga. Mai son sayar da kaya masu yawa yana bukatar masu saye da yawa a lokaci guda, in ba haka ba shi da kansa zai karya farashin kafin ya gama. Wurin da masu saye suka taru dole shi ne saman ƙololuwar. Kamar dillalin da ke da buhu ɗari biyar na masara ne, ba zai kai su ranar da kasuwa ba ta ci ba.

Wannan taruwa ba zato ba ce. Masaniyar tattalin arziki Carol Osler ta bincika ainihin umarnan da abokan ciniki suka ajiye a wani babban bankin kasuwanci, kuma a binciken da ta wallafa a 2003 ta nuna cewa umarnin kwasar riba yana taruwa a kan cikakkun lambobi, irin 1.0900, yayin da sitof ke taruwa kaɗan bayansu. Haka kuma a watan Nuwamba na 2014 hukumar FCA ta Birtaniya ta ci tarar manyan bankuna biyar kimanin fam biliyan 1.1 kan maguɗi a kasuwar canjin kuɗi, kuma cikin abubuwan da aka samu har da yunƙurin tura farashi ya taɓa sitof ɗin abokan ciniki. Saboda haka farauta da gangan tana faruwa. Amma kasuwar da BIS, bankin da ke haɗa manyan bankunan ƙasashe, ya ƙiyasta cinikinta a dala tiriliyan 7.5 a kowace rana a 2022 ba ta san da ɗan cinikinka na lot 0.02 ba. Ba kai ake bi ba. Ka dai ajiye sitof ɗinka ne a inda dubban mutane suka ajiye nasu. Wannan fahimta tana da amfani a aikace, domin mai ganin ana farautarsa yakan shiga ramuwa, mai ganin taro kuwa yakan matsar da sitof ɗinsa daga cikin taron.

Mataki na farko: zana iyakar tun kafin farashi ya iso

Lagwani ba shi da ma'ana sai an san abin da ya tsallake. Mafi yawan lagwanin da ke kan jadawali hayaniya ce kawai. Iyakokin da suka cancanci a zana su kaɗan ne: ƙololuwa da ƙasan jiya, ƙololuwa da ƙasan zaman Asiya na daren nan, wato awannin da kasuwannin Asiya ke buɗe, ƙololuwa biyu ko uku da suka tsaya kusan a farashi ɗaya, da cikakkun lambobi masu ƙarewa da sifiri biyu. Ƙololuwar da aka taɓa sau biyu ko uku ta fi tara sitof, domin kowace taɓawa tana ƙara wa mutane tabbacin cewa rufin yana da ƙarfi, su sayar, su ajiye sitof a samansa.

A zana layin a kan tsinin lagwanin da ya fi tsawo, ba a kan jiki ba, domin a bayan tsinin mutane ke ɓoye sitof. Kuma a zana shi kafin ƙarfe takwas na safe. Layin da aka zana bayan farashi ya juya kullum daidai yake fitowa, amma ba ya koya wa kowa komai.

Sai batun agogo, wanda ke ruɗa mutane da yawa. Najeriya da Nijar ba sa canza agogo, Landan da New York kuwa suna canzawa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Landan tana buɗewa ƙarfe 8:00 na safe agogon Najeriya, sauran watannin kuma ƙarfe 9:00. Agogon da ke cikin manhajar ciniki ta MT5 na sabar buroka ne, kuma a wurin burokoki da dama yana gaban na Najeriya da awa ɗaya a lokacin sanyin Turai, awa biyu a lokacin zafinsu. A kwatanta shi da agogon waya sau ɗaya a rubuta bambancin, in ba haka ba za a zana zaman Asiya a wurin da ba shi ba.

Mataki na biyu: auna nisan tsallakawar

Fif tara, wato motsin 0.0009 a farashin EURUSD, a bayan iyaka yana da yawa ko kaɗan? Ya danganta da yadda kasuwar ke motsi a ranar. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ATR mai tsawon 14 a kan M15, wato jadawalin minti 15, wanda ke nuna matsakaicin tsawon kyandir a 'yan awannin da suka wuce. Idan ATR yana nuna fif 6, tsallakawar da ta tsaya tsakanin fif 3 zuwa 12, wato rabin ATR zuwa ninki biyu, ita ce girman da sharar sitof, wato farautar, ta saba yi. Ƙasa da haka mai yiwuwa ba a taɓa yawancin sitof ɗin ba tukuna, kuma farashi na iya dawowa ya ƙarasa aikin. Idan kuma farashi ya yi nisan ninki uku ko fiye bai waiwayo ba, to ba sitof kaɗai ke tura shi ba, akwai sababbin masu saye. Waɗannan adadi ba doka ba ce, wurin farawa ne, kuma kowa ya gwada su a kan kayan da yake ciniki. Zinariya, wato XAUUSD, tana iya tsallake iyaka da daloli da dama ta komo, abin da a EURUSD zai zama ɓallewa sosai.

Mataki na uku: jira kyandir ya rufe

Nan ne mafi yawan asara ke faruwa. Kyandir da bai rufe ba ba shi da lagwani tukuna. A minti na shida yana iya zama doguwar koriyar sanda mai cike da jiki, a minti na goma sha huɗu ya koma siririn zare, a daƙiƙa talatin na ƙarshe kuma ya sake cika. Wanda ya saya a minti na shida yana ganin ɓallewa, wanda ya sayar a minti na goma yana ganin farauta, kuma dukansu sun yanke hukunci a kan abin da bai gama faruwa ba.

Idan ya rufe, a duba abu biyu. Na farko, a wane ɓangaren layin ya rufe. Rufewa a cikin iyaka alama ce ta farko cewa kasuwa ta ƙi farashin da ke sama. Na biyu, nawa ne rabon lagwanin a cikin tsawon kyandir gaba ɗaya:

```
rabo = (High - max(Open, Close)) / (High - Low)
```

Idan rabon ya kai 0.6 ko fiye, kuma an rufe a ƙarƙashin layin, ƙin yana da ƙarfi. Idan jiki ne ya cinye kashi biyu cikin uku na kyandir ɗin, kuma an rufe a saman layin kusa da ƙololuwa, masu saye ne ke riƙe da wurin har zuwa ƙarshe. Tsakanin waɗannan biyun akwai kyandirori masu yawa da ba su faɗi komai ba, kamar wanda ya rufe fif ɗaya a saman layi da dogon lagwani. Irin wannan a bar shi ya wuce.

A tuna kuma cewa lagwani abu ne na tsawon lokacin da aka zaɓa. Lagwani ɗaya a H1, kyandir na awa guda, idan aka buɗe shi a M5, na minti biyar, zai iya zama kyandirori biyar da suka rufe a saman layin kafin su faɗo. Mai kallon M5 ya ga ɓallewa cikakkiya, mai kallon H1 ya ga farauta. Maganin wannan shi ne a haɗa girman iyaka da girman kyandir. Iyakar zaman Asiya a yanke mata hukunci da M15. Ƙololuwar jiya da H1. Ƙololuwar mako ko wata da H4, na awa huɗu, ko kyandir na yini. Wanda ke yanke wa ƙololuwar mako hukunci da kyandir na minti ɗaya zai sha ruɗu sau goma kafin azahar.

Mataki na huɗu: kyandirori uku na gaba

Rufewar farko shaida ɗaya ce, kuma ba a yanke hukunci da ita kaɗai. Abin da ake nema yanzu shi ne ko kasuwa ta karɓi sabon farashin ko ta ƙi shi, kuma lokaci ne ke nuna hakan.

A sharar sitof, farashi ba ya jimawa a waje. Kyandir ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, sai ya komo. Dalilin a bayyane yake: sitof man fetur ne da ke ƙonewa sau ɗaya. Da zarar an cika su, in babu wasu masu saye a bayansu, babu abin da zai riƙe farashin a sama. Sannan waɗanda suka sayi ɓallewar sun maƙale, kuma nasu sitof ɗin yana ƙasa, don haka faɗowar takan zo da sauri fiye da hawan. Tabbacin da ya fi ƙarfi shi ne farashi ya rufe a ƙarƙashin ƙaramin kwarin da hawan ya taso daga gare shi. Wannan kwari shi ne wurin ƙarshe da masu saye suka kare, kuma idan ya faɗi, hawan ya rushe daga tushe.

A ɓallewar gaskiya kuwa, kyandir na biyu da na uku suna rufewa a waje, ƙasan kowanne yana saman layin ko yana ɗan taɓa shi. Idan farashi ya dawo gwada layin, yana dawowa ne a hankali da ƙananan kyandirori, ya taɓa tsohon rufin, ya same shi ya zama daɓe, ya tashi. Saurin dawowar shi ne abin lura. Dawowa da kyandir ɗaya babba ja wanda ya haɗiye na ɓallewar ba gwaji ba ne, rushewa ce.

Richard Wyckoff ya bayyana wannan tsari a kasuwar hannun jarin Amurka tun farkon ƙarni na ashirin, kuma sunayen da ake ba shi yau sababbi ne kawai. Tambayar ba ta canza ba: bayan an tsallake, an samu masu ci gaba da saye ko ba a samu ba?

Misali da lambobinsa

Ga misalin da aka tsara don koyo. A ce wata Talata ce a watan Yuni. Zaman Asiya ya bar ƙololuwa a 1.0862, an taɓa ta sau biyu cikin dare, ƙasa kuma a 1.0822. Faɗin zangon fif 40 ne. ATR a M15 yana nuna fif 6. Da misalin 7:45 farashi ya yi ɗan kwari a 1.0851 ya fara hawa.

Kyandir na 8:15 ya buɗe a 1.0857, ya haura zuwa 1.0871, ya taɓa 1.0854 a ƙasa, ya rufe a 1.0856. Ya tsallake layin da fif 9, wato ATR ɗaya da rabi. Tsawonsa gaba ɗaya fif 17 ne, lagwanin sama fif 14, rabon ya kai 0.82. Ya rufe fif 6 a ƙarƙashin layin. Sharuɗɗa biyu sun cika, amma ba a shiga tukuna. Kyandir na 8:30 ya yunƙura zuwa 1.0861, bai iya taɓa layin ba, ya faɗo ya rufe a 1.0848, ƙarƙashin kwarin 1.0851. Yanzu shaida ta cika.

Ba a bin farashi a 1.0848, domin sitof zai yi nisa. Ana ajiye Sell Limit, wato umarnin sayarwa mai jiran farashi ya hauro, a 1.0856, kusa da jikin kyandir ɗin da ya yi sharar, a jira ɗan komowa. In bai komo ba, cinikin ya wuce, kuma ba a yi asarar ko sisi ba. Sitof yana zuwa saman tsinin lagwani, ba a kan tsinin ba: 1.0871 da fif 1 na tazarar saye da sayarwa, da fif 3 na sarari, wato rabin ATR, ya zama 1.0875. Nisan haɗarin fif 19 ne. Wurin kwasar riba shi ne ɗaya gefen zangon, inda sitof ɗin masu saye suka taru, amma a tsaya kaɗan kafin a kai, a 1.0824. Wannan fif 32 ne, kusan ninki 1.7 na haɗarin.

Girman lot daga nisan sitof ake fitar da shi, ba daga yadda zuciya ta natsu da cinikin ba. A EURUSD, a asusun dala, fif ɗaya na cikakken lot dala 10 ne:

```
lot = kudin_hadari / (fif * 10)
lot = 5 / (19 * 10) = 0.026
```

Mai dala 500 da ke saka kashi ɗaya cikin ɗari yana da dala 5 na haɗari. Ana rage 0.026 zuwa 0.02, ba a ɗaga shi zuwa 0.03. Idan sitof ya taɓu an rasa dala 3.80, idan an kai ga riba an samu dala 6.40. Da wannan rabo, sai an ci kusan 37 cikin kowane ciniki 100 kafin a tashi babu riba babu asara, ban da kwamishan. A tsakiyar zangon, wajen 1.0842, farashi yakan yi turjiya, kuma a nan ne ya dace a rufe rabi ko a matso da sitof zuwa saman ƙololuwar ƙarshe da ta samu a hanyar sauka.

Yanzu a juya labarin. Safiya ɗaya, layi ɗaya, kyandir na 8:15 ya buɗe a 1.0857 ya kai 1.0871 kamar ɗazu, amma ya rufe a 1.0869. Har minti na takwas babu bambanci tsakaninsa da na farko. Na 8:30 bai sauka ƙasa da 1.0864 ba, ya rufe a 1.0876. Na 8:45 ya rufe a 1.0880, don haka kyandir na awa guda ma ya rufe a waje. Bayan ƙarfe tara farashi ya gangaro da ƙananan kyandirori uku zuwa 1.0863, ya bar lagwani a ƙasa, ya rufe a 1.0872. Wannan ɓallewa ce da aka gwada ta tsaya. Mai saye zai shiga a 1.0872 da sitof a 1.0858, ƙarƙashin layin da kwarin gwajin duka. Wanda ya sayar tun a 1.0870 saboda yana ganin kowace tsallakawa farauta ce, shi ne ya zama man da ya ƙara tura farashin.

Akwai fuska ta uku, kuma ita ce ta fi cin mutane. An yi shara kamar a misalin farko, kyandir ya rufe a ciki, amma farashi bai karya 1.0851 ba. Ya tsaya yana jujjuyawa tsakanin 1.0855 da 1.0861, dab da ƙarƙashin layin, kowane kwari yana ɗan fin na baya tsawo. Wannan ba ƙi ba ne. Kasuwar da ta ƙi farashi tana gudu daga gare shi. Wadda ta zauna a bakin ƙofa tana taruwa ne don ta sake turawa, kuma yanzu akwai sabon taron sitof a saman 1.0871 na waɗanda suka yi gaggawar sayar da lagwanin. Wannan shi ya sa sharaɗin karya kwarin bai kamata a tsallake shi ba, ko da yana sa a rasa wasu cinikai masu kyau.

Abin da ke kewaye da layin

Lagwani iri ɗaya yana da nauyi daban-daban gwargwadon inda ya fito. A buɗe H4 a duba alkiblar kwanakin baya. Idan kasuwa tana gangarowa, tana yin ƙololuwa ƙasa da ƙololuwa, to tsallake ƙololuwar Asiya ya fi kama da shara kafin a ci gaba da sauka. Idan kuwa tana hawa kwana huɗu a jere, tsallake wannan ƙololuwa shi ne abin da ake tsammani, kuma sharar da ta fi daraja ita ce ta ƙasan zangon. Sayar da kowane lagwanin sama a kasuwar da ke hawa hanya ce ta zubar da asusu a hankali.

Yadda farashi ya iso layin ma yana magana. Isowa da gudu daga nesa, kyandirori uku manya a jere, takan ƙare da shara domin masu sayen sun riga sun gaji kafin su iso. Isowa a hankali da matsewa a ƙarƙashin layi takan ƙare da ɓallewa.

Labarai kuwa suna rushe dukan wannan lissafi. Rahoton ayyukan yi na Amurka, NFP, yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 agogon New York, wato 1:30 na rana agogon Najeriya a lokacin zafin Amurka, 2:30 a lokacin sanyi. Wannan daidai lokacin da mutane da yawa ke masallacin Juma'a ne, don haka wanda ya bar ciniki a buɗe ya san ya bar shi a cikin guguwa. A mintunan farko na irin wannan rahoto farashi na iya share sama da ƙasa duka a kyandir ɗaya, tazara ta buɗe, sitof ya cika nesa da inda aka ajiye shi. A bar aƙalla kyandir biyu na M15 su rufe bayan rahoton kafin a fara karanta komai. Idan kuma dalilin motsin canjin manufa ne, iyaka ba ta da wani ƙarfi. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye daɓen 1.20 da ya daɗe yana karewa a EURCHF, wato canjin Yuro da kuɗin Suwizalan, kuma waɗanda suka ɗauka lagwani ne da zai komo sun ga farashi ya zube ba tare da samun mai saye a tsakani ba.

Game da yawan ciniki, a yi hattara. Abin da MT5 ke nunawa a kasuwar canji yawanci adadin sauyin farashi ne a sabar buroka, ba ainihin kuɗin da aka yi ciniki ba. Yana da ɗan amfani: doguwar sanda a kyandir ɗin shara sannan gajeru a bayanta tana nuna ƙonewar sitof, sanduna masu tsayi da suka ci gaba kyandir uku ko huɗu suna nuna sabuwar shiga. A kasuwar kirifto akwai ƙarin haske, domin ana ganin adadin kwantiragin da ke buɗe. Idan farashi ya tsallake ƙololuwa kuma wannan adadi ya faɗi, rufe tsofaffin cinikai ne ya tura shi. Idan ya ƙaru yayin da farashi ke zaune a waje, sababbin kuɗi ne suka shigo.

Idan sitof ya taɓu amma lagwani bai kai wurin ba

Wannan ƙorafi ya yi yawa, kuma yawanci ba maguɗi ba ne. Jadawalin MT5 da farashin Bid, wato farashin da ake sayarwa a kai, ake zana shi. Cinikin saye da Bid yake rufewa, don haka abin da ake gani shi ne abin da ya faru. Cinikin sayarwa kuwa da Ask yake rufewa, wato farashin saye, wanda ke saman Bid da faɗin tazara, kuma ba ya barin alama a kyandir. Idan sitof yana 1.0875, tsinin lagwani ya tsaya a 1.0873, tazara kuma ta buɗe zuwa fif 2 a wannan daƙiƙar, an fita. A kunna layin Ask a cikin Properties na jadawalin don a riƙa ganinsa.

Lokacin da tazara ta fi buɗewa shi ne sauyin rana, ƙarfe 5:00 na yamma a New York, wato 10:00 na dare agogon Najeriya a lokacin zafin Amurka, 11:00 a lokacin sanyi. Lagwanin da ya fito a wannan awa sau da yawa na ƙarancin masu ciniki ne, ba ya ɗauke da saƙon da lagwanin Landan ke ɗauke da shi, kuma bai kamata a gina ciniki a kansa ba.

In ana zargin buroka, akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe kaya ɗaya, minti ɗaya, daga majiyoyi biyu ko uku daban a TradingView. Bambancin fif ɗaya ko biyu abu ne da aka saba, tunda kasuwar canji ba ta da cibiya guda. Idan lagwanin fif 15 ya fito a wurin burokanka kaɗai, ba lokacin labari ba, ba lokacin sauyin rana ba, a ɗauki hoton allo, a rubuta lambar cinikin da lokacinsa, a nemi bayanin farashin daƙiƙa-daƙiƙa a rubuce. A kirifto kuma a duba ko sitof ɗin a kan Last Price aka ɗora shi ko Mark Price, domin na farko yana bin cinikin dandalin kaɗai, kuma ya fi saurin yin lagwani.

Gwada shi kafin a saka kuɗi

A koma baya wata uku a EURUSD, a ɗauki iyaka iri ɗaya tak, ƙololuwa da ƙasan Asiya. Duk ranar da aka tsallake ɗaya daga cikinsu tsakanin buɗewar Landan da awa uku bayanta, a rubuta layi guda: nisan tsallakawa a ma'aunin ATR, gefen da kyandir ya rufe, rabon lagwani, ko an karya kwarin tushe, alkiblar H4, da wanda farashi ya fara taɓawa tsakanin sitof da riba. A rufe gefen dama na jadawalin ana matsawa kyandir ɗaya-ɗaya, kuma a rubuta har ranakun da tsarin ya faɗi, domin ido yana son tsallake su. Idan an tara hamsin, a raba su gida biyu, waɗanda aka karya kwarin da waɗanda ba a karya ba, a ƙirga nawa ne a kowane gida suka kai ɗaya gefen zangon. Sannan a duba cinikan da sitof ya taɓu da fif ɗaya ko biyu kafin farashi ya juya: in sun yi yawa, sararin rabin ATR ya yi kaɗan ga wannan kaya, sai a ƙara shi zuwa ATR guda a rage lot daidai da ƙarin.